Yadda ake rubuta minit ɗin taro da zai tsaya a gaban odita da alƙali

A ɗauka wasu 'yan kasuwa biyar sun haɗa jari sun yi rajistar kamfanin dakon albasa da tumatir daga Arewa zuwa Legas, ofishinsu yana Agege, kuma dukkansu daraktoci ne. Ranar Asabar 14 ga Yuni 2025 suka zauna bayan la'asar suka amince a sayi tirela tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita. Bayan wata takwas motar ta kwanta a gareji, banki yana neman kuɗinsa, sai ɗaya daga cikin biyar ɗin ya ce shi naira miliyan 30 ya ji an ambata, miliyan 40 ɗin da aka kashe ba da yawunsa ba, kuma bai taɓa yarda a ci bashin banki ba. Mutum huɗu suna cewa an yi, ɗaya yana rantsuwa ba a yi ba. Lauya na farko da za a je wurinsa, kafin ya saurari rantsuwar kowa, zai ce a kawo masa minit, wato rubutaccen rahoton abin da aka yi a taron. Da wannan misalin za mu bi maganar daga ranar taro har zauren kotu.

Abin da doka ta ba minit

Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, a sashe na 266, ta wajabta wa kowane kamfani ya shigar da minit na babban taron masu hannun jari da na zaman daraktoci cikin littafin da aka ware don haka. Sannan ta ce idan minit ɗin yana ɗauke da sa hannun wanda ya shugabanci taron, ko wanda ya shugabanci taron da ya biyo baya, to ya zama hujja ta farko kan abin da ya gudana. Ma'anar hujja ta farko ita ce kotu za ta fara da ɗaukar cewa an kira taron bisa ƙa'ida, an zauna, an yanke abin da aka rubuta, naɗin da aka yi a cikinsa kuma ya inganta, har sai wani ya kawo abin da ya rushe hakan.

Ga amfanin wannan a aikace. Idan minit ɗin 'yan tirela ya ce miliyan 40 kuma shugaba ya sa hannu, nauyin kawo hujja ya koma kan mai musu. Shi zai nemo abin da zai nuna rubutun ƙarya ne ko kuskure. Idan babu minit, ko akwai amma babu sa hannu, to mutum huɗun nan ne za su shiga akwatin shaida ɗaya bayan ɗaya, lauyan ɗaya ɓangaren yana yi musu tambayoyi kan abin da aka faɗa wata takwas da suka wuce, kuma da wuya bakinsu ya zo ɗaya a kan ƙananan abubuwa. Wani zai ce bayan la'asar, wani ya ce bayan magariba. Da irin wannan ake zubar da shaidar mai gaskiya.

Hujja ta farko kuma ba ta rufe ƙofa. Ana iya rushe ta, kuma hukuncin da aka yanke aka manta ba a rubuta ba ana iya tabbatar da shi ta wata hanya, sai dai da wahala da tsada.

Ƙungiyoyin kasuwa, na masallaci da na 'yan gari ɗaya da suka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu suna ƙarƙashin wani ɓangare dabam na dokar, kuma sashe na 266 da kamfanoni yake magana. Su tsarin mulkin ƙungiyarsu ne zai faɗi yadda ake taro da wanda ke sa hannu, kotu kuma za ta auna minit ɗinsu da ma'aunin Dokar Shaida ta 2011 kamar kowace takarda. Duk matakan da ke ƙasa sun shafe su, har ma sun fi buƙatarsu, tun da ba su da wancan rangwamen kai tsaye.

Mataki na farko: kafin a zauna

Lauyan da ke son karya minit da wuya ya fara da abin da ke ciki. Yakan fara da tambayar ko taron kansa ya halatta, domin idan taro ya ɓaci, duk abin da aka yanke a cikinsa ya bi ruwa komai kyan rubutun sakatare.

Abu biyu ake dubawa. Na farko sanarwa. Zaman daraktoci yana buƙatar rubutacciyar sanarwa ta kwana 14 ga kowane darakta, sai idan dokokin cikin gida na kamfanin sun tanadi wani abu dabam, babban taron masu hannun jari kuwa kwana 21. Rashin sanar da wanda ya cancanci sanarwa yana iya ɓata taron gaba ɗaya, ko da ƙuri'arsa ba za ta canza komai ba. Wannan ne ramin da mutanenmu suka fi faɗawa, saboda an saba da a ce "kowa ya sani", ko a sanar a masallaci bayan sallar Juma'a, ko a bar wanda ake ganin zai kawo gardama ba a gaya masa ba. Sakatare ya aika sanarwa a rubuce, da rana da wuri da ajanda, ya ajiye shaidar aikawa. A misalinmu, sanarwar da ta fita ranar 28 ga Mayu ta cika sharaɗin, kuma ya kamata ajandar ta ambaci sayen mota da cin bashi ƙarara. Cusa babbar magana a ƙarƙashin "sauran batutuwa" yana ba mai musu damar cewa an yi masa kwanton ɓauna.

Na biyu adadin mutanen da ke halatta zama. Idan dokokin kamfanin ba su ce komai ba, daraktoci biyu sun isa a inda yawan daraktocin bai wuce shida ba. A babban taro kuwa kashi ɗaya cikin uku na mambobi ne ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A buɗe dokokin kamfanin a duba, kada a yi aiki da ji-ta-ji-ta. Sannan a zagaya da takardar halarta: suna, muƙami, sa hannu, kwanan wata. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Takardar nan a manna ta cikin littafin minit a ranar. Ita ce za ta hana mutum cewa ranar yana kan hanyar Sakkwato.

Mataki na biyu: abin da ake rubutawa

A nan ne minit yake samun nauyi ko ya rasa shi. Dubi yadda sakatarori da yawa za su rubuta zaman tirelar:

"An tattauna batun mota. Bayan doguwar muhawara an amince a saya. Shugaba ya yi addu'ar Allah ya sa albarka."

Ko da sa hannun shugaba goma a ƙasan wannan, bai warware komai ba. Wace mota? Nawa? Da kuɗin wa? Wa aka ɗora wa saye? Mai cewa miliyan 30 zai karɓi wannan rubutun da hannu biyu, domin bai ƙaryata shi ba. Ga yadda ya kamata ya kasance:

"Batu na 3: Sayen tirela. Ma'aji ya gabatar da takardun farashi biyu daga dillalai, an manna su a matsayin rataye na A da na B. An yanke: (1) kamfani ya sayi tirela ɗaya da aka yi amfani da ita, a kan kuɗin da bai wuce naira miliyan 40 (₦40,000,000) ba, har da kuɗin rajista da inshora, (2) a biya miliyan 25 daga asusun kamfani, a nemi bashin da bai wuce miliyan 15 ba daga bankin kamfani, (3) shugaba da ma'aji su sa hannu tare a kan takardun saye da na bashi, (4) su kawo rasit da takardun mota a zama na gaba. Masu goyon baya 4, mai adawa 1. Darakta na biyar ya nemi a rubuta cewa bai amince da cin bashi ba, an rubuta."

A ainihin littafi za a sa cikakken sunan kowa. Lura da abin da wannan rubutun ya yi. Ya sa iyakar kuɗi da harafi da lamba, don kada a ƙara sifiri daga baya. Ya raba hukuncin gida-gida, ta yadda kowane kashi za a iya gwada shi da takardar banki ko rasit. Ya faɗi wanda aka ba izini. Ya ƙirga ƙuri'a.

Rubuta adawar mai adawa abu ne da shugabanni ba sa so, suna ganin kamar tonon asiri ne, an fi son a ce "baki ɗaya aka amince". Kuskure ne babba. Rubuta adawar yana kare kowa. Shi mai adawar yana da shaidar cewa ya ja baya idan abin ya zama laifi. Su kuma sauran sun sami tabbacin cewa yana wurin, ya ji adadin, an yi ƙuri'a an rinjaye shi. Mutumin da aka rubuta cewa ya yi adawa da bashin miliyan 15 ba zai dawo ya ce bai taɓa jin maganar bashi ba. Minit ɗin da ya ce "baki ɗaya" alhali an yi ta cacar baki, da zarar shaida ɗaya ya tabbatar an yi gardama, alƙali zai fara shakkar sauran shafukan.

Idan wani darakta yana da ruwa a cinikin, misali dillalin motar ƙanensa ne, doka ta ɗora masa ya bayyana hakan a gaban sauran daraktoci. A rubuta cewa ya bayyana, a rubuta ko ya fita lokacin ƙuri'a. Odita, wato mai binciken lissafin kuɗin kamfani, yana neman wannan layin musamman.

Abin da ba a rubutawa: zagi, zargin sata da ba a tabbatar ba, da kalma-kalmar muhawara. Littafin nan wata rana baƙi za su karanta shi a bainar jama'a, kuma zargin da aka rubuta da sunan mutum yana iya jawo ƙarar ɓata suna. Hukunci da dalilinsa a taƙaice sun wadatar.

Maganar harshe

Wannan ya shafi Hausawan Legas fiye da yadda ake zato. Ana taro da Hausa, sakatare ya rubuta da boko, wani dattijon ma da ajami. Harshen manyan kotunan Najeriya kuwa Turanci ne. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ojengbede da Esan a 2001 cewa takardar da aka rubuta da wani harshe sai an fassara ta zuwa Turanci ta hannun wanda ya iya, kuma mai son amfani da takardar shi ke da alhakin kawo fassarar. Alƙali ba zai zama tafinta ba ko da yana jin harshen, balle a kotunan Ikeja ko Ikoyi inda ba lallai ne ya ji Hausa ba.

Hanyar da ta fi ita ce a yi minit ɗin da harsuna biyu tun farko. A rubuta na Hausa, shi za a karanta wa mambobi su gane su amince. A yi na Turanci a mako ɗaya, wanda ya fassara ya rubuta sunansa ya sa hannu a ƙasa, shugaba ya sa hannu a duka biyun rana ɗaya. Dama banki da CAC na Turancin za su nema. Fassarar da aka yi bayan rigima ta tashi kullum ana jayayya a kanta, domin kalma ɗaya tana juya ma'ana: "an amince a duba yiwuwar saye" da "an amince a saya" tazararsu miliyan 40 ce. Idan kuma da Turanci kaɗai ake rubutawa alhali wasu mambobi ba sa karanta shi, a rubuta a ƙasa cewa wane ya karanta ya fassara musu da Hausa kafin su amince. In ba haka ba, mutum zai ce an ba shi takarda ya dangwala bai san abin da ke ciki ba, kuma kotu tana sauraron irin wannan ƙorafin.

Mataki na uku: amincewa da sa hannu

Sakatare ya tsabtace rubutun cikin kwana biyu ko uku, tun abin yana sabo a ka, ya raba wa mahalarta. A zama na gaba, a misalinmu 12 ga Yuli, batu na farko shi ne karanta minit ɗin baya. Wanda ke da gyara ya faɗa a nan. Wani ya gabatar da ƙudurin amincewa, wani ya mara masa baya, a rubuta sunayensu, shugaba ya sa hannu da kwanan watan ranar da ya sa hannun, ba ranar taron farko ba. Yana da kyau ya sa gajeren sa hannu a kowane shafi, sakatare ma haka.

Wannan zama na biyun yana da daraja ƙwarai a kotu. Idan darakta na biyar ya halarci zaman 12 ga Yuli, aka karanta miliyan 40 a kunnensa, bai ce uffan ba, sunansa kuma yana takardar halarta, to maganar miliyan 30 ta mutu. Shi ya sa minit guda ɗaya ba ya tsayawa shi kaɗai. Na gaba ne yake tokare na baya.

Takardar da ba a sa wa hannu ba, kotunan Najeriya sun sha cewa ba ta da ƙima. Littafi cike da minit na shekara uku babu sa hannu ko ɗaya abu ne da ake gani kullum, kuma ranar da aka farga sai a zauna a sa hannu a duka da biro ɗaya a dare ɗaya. Ana ganewa.

Gyara da ajiya

Kafin sa hannu, idan an sami kuskure, a ja layi ɗaya a kan kalmar ta yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a sama, shugaba da sakatare su sa gajeren sa hannu a gefe. Kada a shafe da farin ruwan gyara, kada a kankare, kada a yage shafi. Bayan sa hannu kuwa ba a taɓa shafin kuma. Kuskuren da aka gano daga baya a kawo shi zama na gaba, a yanke hukuncin gyara, a rubuta shi a sabon minit da ambaton shafin da ake gyarawa. Takardar da ake ganin an taɓa ta a wuri mai muhimmanci, kamar adadin kuɗi ko suna, wanda ya kawo ta ne zai sha tambayar yaushe aka taɓa kuma da sanin wa.

Doka ba ta hana ajiye minit a warwatsattun shafuka ko a kwamfuta ba, muddin an ɗauki matakin hana cuɗanya da jabu. Amma littafi ɗaurarre mai lambar shafi ya fi kwanciyar hankali. Masu bugawa a kwamfuta su buga, a sa hannu, a manna a littafin da gam, a sa hannu a kan gaɓar da takardar ta haɗu da shafin. Kada a bar sarari tsakanin minit da minit. Littafin ya zauna a ofishin kamfani mai rajista. Ajiye shi a gidan sakatare ko cikin but ɗin motar shugaba yana nufin ranar da aka ɓata da ɗayansu littafin ya tafi da shi. A ɗauki hoton kowane minit bayan sa hannu a aika wa duk daraktoci; kwafi biyar a hannu biyar yana da wuyar sauyawa.

Mai hannun jari yana da haƙƙin duba littafin minit na babban taro a ofis kyauta a lokacin aiki, kuma idan ya nemi kwafi a ba shi cikin kwana 7. Wannan haƙƙin na sashe na 267 na CAMA bai kai ga minit ɗin zaman daraktoci ba.

Idan an riga an kashe kuɗi babu minit fa? Kada a ƙirƙiri taron da ba a yi ba a sa masa tsohon kwanan wata. Wannan jabu ne, laifi ne na ɗauri, kuma yana mayar da rigimar kuɗi ta zama ta 'yan sanda. A kira sabon zama bisa ƙa'ida, a bayyana abin da aka kashe da ranar da aka kashe shi, a yanke hukuncin amincewa da shi, da kwanan watan gaskiya. Daraktoci kuma suna iya yanke hukunci a rubuce ba tare da zama ba, idan dukkansu suka sa hannu a kai.

A teburin odita

Odita ba ya karanta minit don jin labari. Yana ɗauko takardar bayanin asusu daga banki, ya ga miliyan 25 sun fita, ya ga bashin miliyan 15 ya shigo, sai ya juya littafin yana neman izinin kowanne. Yana gwada abu uku: adadi, kwanan wata, da mutanen da suka sa hannu. Idan kuɗin sun fita ranar 10 ga Yuni alhali izinin na 14 ga Yuni ne, zai rubuta cewa an kashe kafin a amince. Idan an kashe miliyan 43, zai nemi minit ɗin ƙarin miliyan 3. Idan ma'aji shi kaɗai ya sa hannu, ya saɓa kashi na uku na hukuncin.

Iyakar minit a nan take bayyana. Yana nuna an ba da izini. Ba ya nuna an biya, ko an karɓi mota, ko farashin gaskiya ne. Waɗannan aikin rasit ne da takardar banki da takardun mota. Takardun lissafin kuɗi doka ta ce a ajiye su shekara shida. Littafin minit kuwa ba a zubar da shi muddin kamfani yana raye.

A kotu

Rigimar da ta taso daga yadda ake tafiyar da kamfani a ƙarƙashin CAMA, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, a Legas kuma tana Ikoyi. Ƙarar bashi ko ciniki zalla tana iya zuwa kotun jiha. Lauya ne zai tantance, amma a kowacce ana shigar da kwafin takardun da za a dogara da su tun lokacin shigar da ƙara, tare da rubutacciyar shaidar shaidu bisa rantsuwa. Saboda haka littafin ya isa hannun lauya tun ranar farko.

Akwai matakai biyu da mutane ke cakuɗawa: karɓar takarda a matsayin shaida, da nauyin da alƙali zai ba ta. Ana iya karɓar minit a sa masa lamba, a ƙarshe alƙali ya ce bai gamsu da shi ba.

Wajen karɓa, asali ake so, wato littafin kansa. Fotokwafi yana shiga ne idan an shimfiɗa dalili: asalin ya ɓata ko ya ƙone kuma an neme shi an rasa, ko yana hannun abokin shari'a an ba shi sanarwar ya kawo ya ƙi. Wannan sanarwar ba ta tilasta masa, tana dai buɗe maka hanyar amfani da kwafinka, kuma a nan hoton da aka raba wa daraktoci yake biyan kuɗinsa. Wanda ya ɓoye littafi kuma yana cutar kansa, domin sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗaukar cewa abin da aka ɓoye da an kawo shi da bai yi wa mai ɓoyewar daɗi ba. Idan kuma kwafin da aka shigar a CAC ake so a yi amfani da shi, kamar hukuncin canza daraktoci ko amintattu, sai an karɓo kwafi mai hatimin tabbatarwa daga hukumar, domin abin da ke cikin kundinta ana ɗaukarsa takardar hukuma.

Wanda ya fi dacewa ya miƙa minit shi ne wanda ya rubuta shi, ko wanda ya halarci zaman. Ya tsaya ya nuna shafin, ya karanta batu na 3, ya danganta shi da takardar banki. Tara wa alƙali takardu ba tare da shaidan da ya yi bayaninsu ba, kotuna ba sa ɗaukar nauyin binciko maka hujja a ciki. Kuma sashe na 83 na Dokar Shaida ya toshe takardar da mai ruwa a cikin magana ya rubuta a lokacin da shari'a take gudana ko ake hangen ta. Minit ɗin da aka "tuna" aka rubuta a watan Fabrairu bayan wasiƙar lauya ta iso zai ci karo da wannan sashen.

Saƙon WhatsApp da aka aika sanarwar taro da shi, hoton minit da ke cikin waya, da muryar taro da aka naɗa duk suna ƙarƙashin sashe na 84, na shaidar da ta fito daga na'ura. Kotun Ƙoli ta tsaurara a kan sharuɗɗansa a shari'ar Kubor da Dickson. Ana haɗa su da satifiket da ke faɗin wace takarda ce, da wace na'ura aka fitar da ita, cewa ana amfani da na'urar a kai a kai kuma tana aiki daidai a lokacin, mai kula da ita ya sa hannu. Saboda haka kada a goge zauren WhatsApp na daraktoci, kada kuma sakatare ya sayar da wayar ba tare da an kwashe saƙonnin ba. Ko minit ɗin da aka buga a kwamfuta aka sa wa hannu da biro, lauyoyi masu taka-tsantsan suna haɗa masa satifiket don toshe ƙofar gardama.

Saura makamin ƙarshe na mai musu: ya ce sa hannun jabu ne ko an sauya shafi. Zargin jabu zargin laifi ne, kuma ko a shari'ar kuɗi sashe na 135 ya ce sai an tabbatar da shi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Kotu tana iya gwada sa hannun da ake musu da wani wanda aka yarda nasa ne, kamar na katin banki, ko a kira masanin rubutun hannu. A misalin tirela, darakta na biyar zai fuskanci sa hannunsa a takardar halarta ta 14 ga Yuni, adawarsa da aka rubuta da sunansa, sa hannunsa na 12 ga Yuli, da hoton minit ɗin da ya shiga wayarsa a ranar. Lauyansa da ya ga waɗannan huɗun yawanci zai ba shi shawarar a koma teburin sulhu, ko a gaban dattawan kasuwa ko a cibiyar sasanci ta kotun Legas. Abin da aka sasanta a kai shi ma a kawo shi zaman daraktoci na gaba, a karanta, a shigar da shi littafin da adadinsa da ranakun biya.